Ado Ko Hayaniya: Emoji Nawa Talla Za Ta Ɗauka Kafin Mai Saye Ya Fara Zarginta?

Duk wanda ke cikin wani guruf na saye da sayarwa a Zariya ya san yadda wayarsa ke kwana. Kafin a idar da sallar asuba tallace-tallace sun fara sauka: mai atamfa daga Zabi, mai sayar da data daga Samaru, dillalin ɗakunan haya na neman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, mai takalma daga kasuwar Sabon Gari. Kusan kowace talla ta zo da rakiyar ƙananan hotuna. Ga wuta na ci, ga yatsa na nuni, ga jakar kuɗi, ga jiniya, ga hannuwa an haɗa ana roƙo. Wata tallar sai mutum ya yi ta laluben kalmomi a tsakanin hotunan, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa, sai dai a nan shinkafar ce ta yi ƙaranci.

Masu tallar suna yin haka ne da kyakkyawar niyya. Guruf ya cika, kowa na magana, kowa na son a ga tasa. Amma akwai gaɓar da ado ke komawa hayaniya, mai karatu ya daina ganin ɗan kasuwa ya fara ganin ɗan damfara. Tambayar ita ce, ina wannan gaɓar take? Emoji nawa ne suka yi yawa?

Talla biyu, kaya ɗaya

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da ke zaune a Zabi, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Tana saro kaya a kasuwar Sabon Gari, mafi yawan masu sayenta kuma ɗalibai ne da matan ma'aikata a Samaru da Kongo. Ga irin tallar da aka saba gani daga masu irin wannan sana'a:

🔥🔥🔥 SABON KAYA YA ISO 🔥🔥🔥
💃💃 Atamfa masu zafi 💯💯💯
👉👉 Farashi mai sauƙi 💰💰
🏃🏃 Yi sauri kafin su ƙare 🚨🚨
📞📞 A tuntuɓe mu 🙏🙏🙏

A ƙirga. Kalmomi 18 ne, emoji 24. Hotuna sun fi magana yawa. Yanzu kuma a yi wani lissafin: me mai saye ta sani bayan ta karanta? Ba ta san kuɗin turmi ba. Ba ta san ko yadi shida ne ko rabi ba. Ba ta san inda kayan suke ba, balle yadda za su iso gare ta. An ce ta yi sauri, amma ba a gaya mata inda za ta nufa ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ga kayan nan dai, an sake rubuta tallarsu:

Sabuwar atamfa ta iso, kala takwas. Turmi ɗaya, yadi shida, N18,000.
📍 Zabi. Muna kai wa Samaru da Kongo ranar Asabar, kuɗin mota N500.
Ana biya bayan an ga kaya. Na gode 🙏

Emoji biyu ne kawai, kuma kowanne da aikinsa. Na farko yana kai ido kai tsaye wurin da aka faɗi unguwa, na biyu yana sassauta murya a ƙarshe, kamar yadda mai shago kan yi murmushi idan an gama ciniki. Sauran gurbin duk bayani ne ya cike shi: kala nawa, yadi nawa, nawa ne kuɗin, yaushe za a kai, yaya za a biya.

Daga waɗannan tallace-tallace biyu ake gane cewa lissafin ba na emoji kaɗai ba ne. Abin da mai karatu ke aunawa, ko da bai san yana yi ba, shi ne emoji nawa aka ba shi a kan bayani nawa. Inda hoto ya zauna a kujerar farashi, ko ya tare gurbin adireshi, nan zargi ke farawa. Jakar kuɗi biyu a gefen "farashi mai sauƙi" ba su gaya wa kowa komai ba, sai dai su nuna cewa akwai abin da ba a son faɗa.

Me ya sa ido ke gudun irin wannan talla

Mutanen ƙasar nan sun sha wuya a hannun masu alƙawarin riba. A watan Disamba na 2016 tsarin MMM ya rufe asusun jama'a, kuɗin mutane masu ɗimbin yawa suka maƙale. A watan Afrilu na 2025 aka sake ganin irin haka da CBEX. Tsakanin waɗannan biyun kuma ƙananan masu "zuba dubu goma ka kwashi dubu hamsin" ba su ƙirguwa, ga saƙonnin tallafin bogi da ke cewa a danna nan a tura wa guruf biyar. Irin waɗannan saƙonni suna da kamanni da ido ya riga ya haddace: manyan baƙaƙe, alamar motsin rai a jere, roka na tashi, jakar kuɗi, jiniya, da matsin lamba cewa dama za ta wuce yau. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai atamfar Zabi ba ta cuci kowa ba, amma idan ta sa wa tallarta rigar macuta, da rigar za a yi mata hukunci.

Wannan fahimta ba ta tsaya a bakin talakawa ba, ta kai har kotu. A watan Fabrairu na 2023, a wata shari'a da aka shigar da kamfanin Dapper Labs a birnin New York, alƙali Victor Marrero ya duba saƙonnin tallar kamfanin da ke ɗauke da hoton roka da na jadawalin farashi mai hawa da na jakar kuɗi. Ya ce ko da ba a rubuta kalmar riba ba, waɗannan hotuna ma'anarsu ɗaya ce, wato alƙawarin samun kuɗi daga jarin da aka zuba. Ashe ba yawa kaɗai ke magana ba, har da iri. Roka guda ɗaya a kan tallar zuba jari ta fi furanni biyar a kan tallar kayan ɗaki tayar da hankali.

Abin da masu bincike suka gani

A shekarar 2017 masu bincike uku, Ella Glikson da Arik Cheshin da Gerben van Kleef, suka buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da mutane 549 daga ƙasashe 29. An ba mutanen wasiƙar imel ta aiki daga wani da ba su sani ba, wasu da hoton fuska mai murmushi, wasu babu. Abin da ya fito ya saɓa wa zaton mutane da yawa. A wasiƙar aiki, murmushin bai sa an ga marubucin a matsayin mai fara'a sosai ba, sai ma ya sa aka rage masa maki ta fuskar ƙwarewa. Bugu da ƙari, amsoshin da aka mayar masa sun fi ƙarancin bayani. Amma a inda zancen ba na aiki ba ne, wannan illa ba ta bayyana ba.

Darasin da ke ciki ya dace da abin da Bahaushe ya riga ya sani game da gaisuwa. Yadda za ka yi wa abokin wasanka magana daban, yadda za ka yi wa surukinka daban. Ɗalibin da ke tura wa malaminsa saƙo a kan aikin bincikensa na ƙarshe, ko matashin da ke neman aiki a wata ma'aikata a Zariya, yana gaban wanda bai san shi ba ne, ko wanda ke sama da shi. A irin wannan wuri ko emoji ɗaya yana iya zama ƙari. Tsohuwar mai saye da aka shekara uku ana hulɗa da ita kuwa, za ta karɓi dariya uku a jere ba ta ji komai ba, domin amana ta riga ta ginu tun kafin hotunan su zo.

Wani binciken da aka yi a Jami'ar Minnesota a 2016 ya nuna wata matsalar. An nuna wa mutane emoji iri ɗaya, zane ɗaya, aka tambaye su ko yana nuna daɗi ko ɓacin rai ko tsaka-tsaki. A kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokutan ba su yi ittifaƙi ba. Saɓanin yana ƙaruwa idan wayoyin sun bambanta, domin kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Ke nan kowane emoji da aka ƙara, an ƙara wata ƙofa ta rashin fahimta. Mun sha gani a nan gida: a sanar da rasuwa, wani ya zo yin ta'aziyya ya jera fuskar da ke dariya har da hawaye, yana zaton kuka take yi. Wanda ya tsaya a kan "Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri" bai taɓa faɗawa wannan rami ba.

Na'ura ba ta ƙirga, mutane ke ƙirgawa

Akwai maganar da ke yawo a tsakanin masu talla cewa idan emoji suka kai adadi kaza, WhatsApp zai rufe wa mutum layi. Ba haka abin yake aiki ba. Tun watan Afrilu na 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai turawa zuwa ta mai karɓa, kamfanin ba ya karanta su a kan hanya balle ya ƙirga wutar da ke ciki. Abin da yake lura da shi shi ne ɗabi'ar lamba: tura saƙo ga tarin mutanen da ba su ajiye lambarka ba, sa mutane a guruf ba da izininsu ba, amfani da manhajojin aika saƙo barkatai. Sai kuma babban abu, wato ƙorafin jama'a. Idan mutum ya danna Report, ana aika wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe da ka tura masa. Idan masu danna Report da Block suka yawaita a kan lamba ɗaya, tana iya fuskantar rufewa.

To a nan emoji ke shigowa ta bayan gida. Ba su ke jawo hukunci kai tsaye ba, amma su ke sa baƙon da ya ga saƙonka ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu cewa wannan shara ce. Kafin a kai ga kamfani ma, akwai hukuncin da ya fi kusa: shugaban guruf ya goge tallar, ko abokan hulɗa su rufe sitatus ɗinka su daina gani, kai kuma ba ka sani ba. Alamar da mai talla zai gane haka ba ta da wuyar gani. Masu kallon sitatus suna raguwa alhali lambobin da ke wayar suna ƙaruwa. Ko kuma mutane suna gani amma tambayar da ke dawowa kullum ita ce "nawa ne?" da "a ina kuke?", wanda ke nuna tallar ba ta yi aikinta ba.

Inda emoji ɗaya ke cin kuɗi

Akwai wurin da lissafin ya fita daga ra'ayi ya koma naira da kwabo, wato saƙon tes. Makarantu masu zaman kansu, masu shirya taro, 'yan siyasa da shagunan da ke tura saƙo ga ɗaruruwan mutane lokaci ɗaya suna biya ne a kan kowane shafi. Shafi ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan na cikin jerin da ake kira GSM-7 ne, wato baƙaƙen boko na yau da kullum da lambobi. Da zarar an saka abu ɗaya da ba ya cikin wannan jeri, saƙon gaba ɗaya sai ya koma wani tsari da shafinsa ke ɗaukar harafi 70 kacal. Idan kuma saƙon ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi 67 yake ɗauka, domin ana cire wani gurbi na haɗa su.

A ce wata makaranta a Samaru ta rubuta wa iyaye sanarwar dawowa daga hutu mai harafi 150. Shafi ɗaya ke nan. Sai mai rubutun ya ga ya kamata ya ƙawata ta da hoton littafi guda ɗaya. Yawancin emoji gurbi biyu suke ci, don haka saƙon ya zama 152, a tsarin 67. Shafi biyu 134 ne, bai isa ba, sai an shiga na uku. Idan iyaye 500 za a tura wa, kuɗin shafi 500 ya koma na shafi 1,500, saboda hoto ɗaya. Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma ba sa cikin wancan jeri, haka nan alamar ₦. Duk wanda ya sa ɗaya daga cikinsu a tes, ya shiga tsarin 70 ko da bai sa emoji ba. A dandalin X kuma, kowane emoji gurbin harafi biyu yake ci daga cikin 280 da ake ba mai asusun kyauta.

Waɗanda ba a tuna da su

Akwai masu karatu iri biyu da mai jera hotuna kan manta da su. Na farko su ne makafi da masu raunin gani, waɗanda waya ke karanta wa saƙo da murya ta hanyar TalkBack ko VoiceOver. Manhajar ba ta tsallake emoji, sunansa take faɗa. Tallar farko ta mai atamfa, a kunnen irin wannan mutum, ta zama wuta da rawa da gudu da jiniya suna katse kowace jimla. Abin da ido ke tsallakewa cikin ƙiftawa, kunne sai ya zauna ya saurare shi duka.

Na biyu su ne masu tsofaffin wayoyi. Lokacin da Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT Docomo na Japan jerinsa a 1999, hotuna 176 ne kawai. Sunan ma daga harshen Japan yake, "e" hoto, "moji" harafi. A 2010 aka shigar da su cikin tsarin Unicode da duk wayoyin duniya ke bi, yau kuma sun haura 3,700, ana ta ƙarawa. Wayar da aka daɗe ba a sabunta ba ba ta san sababbin ba, sai ta nuna ɗan akwati fanko a gurbinsu. Idan emoji ado ne kawai, asarar kaɗan ce. Idan kuwa shi ke ɗauke da ma'anar, misali an sa hoton kaya maimakon a rubuta sunansa, to mai tsohuwar waya a ƙauyen da ke bayan Basawa ya karɓi saƙo mai rami a tsakiya.

To, nawa ne?

Babu dokar da ta yanke adadi, amma daga duk abin da ya gabata ana iya fitar da ma'aunin da zai yi wa mai sana'a aiki. A gajeriyar talla mai layi uku zuwa biyar, emoji ɗaya ko biyu sun wadatar. Uku ne bakin iyaka, kuma sai idan kowanne na yin aikin da ɗan'uwansa ba ya yi, kamar ɗaya ya nuna wuri, ɗaya ya nuna lambar waya, ɗaya ya rufe da godiya. A doguwar sanarwa mai jerin kaya ana iya sa alama ɗaya a farkon kowane layi, amma ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, domin a lokacin aikin tsara rubutu take yi. Abin da ke fara kama da shara tun kafin a ƙirga shi ne maimaici. Wuta ɗaya ta ce kayan na da kyau. Wuta uku a jere ba su ce ya fi kyau sau uku ba, sun ce mai kayan yana ihu.

Akwai kuma wuraren da amsar ita ce babu ko ɗaya: sanarwar rasuwa, saƙon farko zuwa ga wanda ya girme ka ko wanda kake neman wani abu a hannunsa, amsa ƙorafin mai saye da ransa ya ɓaci, da duk saƙon da ke ɗauke da lambar asusun banki ko sharuɗɗan ciniki. Wannan na ƙarshe yana da dalili mai nauyi. A watan Yuni na 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke hukunci a kan wani manomi da aka tura wa hoton takardar yarjejeniyar sayar da amfanin gona, ya amsa da babban yatsa a sama. Daga baya ya ce nufinsa ya ga saƙon ne kawai. Kotu ta ce a'a, bisa yadda suka saba hulɗa wannan amincewa ce, ta umarce shi ya biya fiye da dalar Kanada 82,000 saboda bai kai kayan ba. Dokar can ba tamu ba ce, amma rigimar tamu ce. Dillali ya tura wa mai ɗaki a Hayin Dogo cewa ɗalibi zai biya rabi yanzu rabi bayan wata biyu, mai ɗaki ya mayar da yatsa. Na gani yake nufi, ko na yarda? Kalma biyu da ya rubuta da sun kashe gardamar.

Gwajin da ya fi kowane adadi amfani kuwa ba ya buƙatar komai sai minti ɗaya. Kafin a tura talla, a goge duk emoji da ke ciki a karanta abin da ya rage. Idan saƙon ya tsaya da ƙafarsa, ya faɗi kaya da kuɗi da wuri da yadda za a karɓa, to a mayar da ɗaya ko biyu inda murya ke buƙatar laushi. Idan kuwa an goge sai aka ga saura 'yan kalmomi marasa kan gado, kamar "sabon kaya, farashi mai sauƙi, yi sauri", to ba rage hotuna ne maganin ba, rubuta tallar ne ba a yi ba tukuna.

A cikin kasuwar Sabon Gari akwai mai tsayawa bakin hanya da lasifika yana kiran a zo a kwashi garaɓasa, akwai kuma mai zaune a rumfarsa da za ka tambaya ya ce maka turmi kaza ne, wannan yana zuba, wancan ba ya zuba. Na farko yakan tara 'yan kallo. Amma idan uwa za ta haɗa wa 'yarta kayan aure, ta san rumfar da take nufa. Mai atamfar Zabi ba ta da lasifika, ba ta da rumfa, 'yan layuka ne kawai a fuskar wayar wata ɗaliba da ba ta taɓa ganinta ba. A cikin layukan nan za ta zaɓi wanda za ta zama a cikin mutanen biyu.